Ɗan aike a faɗa masa ladansa, shi kuma ya mai da canji

Yau maganarmu a kan wata sana'a take wadda ta daɗe a cikinmu amma har yanzu ba mu yarda mu kira ta sana'a ba, wato aike. Muna nufin matashin nan mai moto da ake kira a waya a ce ya je kasuwa ya yo cefane, ya biya faktir ɗin wuta, ya canzo butel ɗin gaz, ko ya karɓo saƙo a tasha. Masu buƙatarsa kullum ƙaruwa suke. Ma'aikaci yana biro tun safe har la'asar, matarsa tana lakwal tana koyarwa ko tana likita tana gadi, ɗan kasuwa ba ya iya rufe shago don ya je sayen tumatir, ga kuma gidajen da mata ba sa fita kasuwa. Garuruwan sun buɗe, wanda ke zaune a sabbin kartiye na bakin gari zuwa kasuwa kawai tafiya ce a gare shi.

Aiki dai akwai shi. Abin da ya sa yawancin masu yin sa ba sa daɗewa shi ne ba su san nawa za su samu gobe ba. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kuɗin aike ba zai zama abin dogaro ba sai ranar da aka raba shi da kuɗin kaya. A faɗi lada tun kafin a tashi moto, a biya shi daban, canji kuma ya koma hannun mai shi har dala ta ƙarshe. Wannan magana ta shafi ɗan aike, ta kuma shafi mu masu aikensa, kuma mun fi shi laifi a cikinta.

Ku duba yadda muka saba. Mai gida ya miƙa jikka biyar, ya ce a sayo kaza da kaza, ba ya cewa komai a kan lada. Yaro ya je ya dawo, sai a ce masa "riƙe canjin". Wani lokaci canjin sefa 300 ne, wani lokaci 100, wani lokaci babu ko dala sai "Allah ya yi maka albarka". Addu'a abu ne mai kyau, amma mai esansi ba ya karɓarta. A ce matashi ya yi aike shida a yini a wannan tsari, kowanne zuwa da dawowa daban, ya samu 150, da 300, da babu, da 500, da 200, da 100. Jimla sefa 1,250 ke nan. In kowane aike ya ci masa kilomita takwas, ya ƙone fiye da lita guda, kamar sefa 600. Ya sa kiredi na 200 don kiran mutane. Abin da ya rage masa 450, kuma bai ba mai moto ko tamma ba. To mene ne zai yi gobe? Abu biyu ne. Ko ya koma kabu-kabu inda aƙalla ana ciniki kafin a hau, ko ya fara samar wa kansa canji: ya sayi nama na 1,700 ya ce na 2,000 ne, ya rage wa albasa, ya ce ai yau kasuwa ta yi wuta. Mu da muka ƙi faɗin lada mu ne muka koya masa wannan lissafi, sannan mu zauna a fada muna cewa yaran yanzu ba su da amana.

Cin canji kuma ba ya ɗorewa. Uwargida ta san tulin tumatir na sefa 500 da ido, ko ba ta taka kasuwa ba. Maƙwabciyarta ta je da kanta jiya, za su yi hira ta katanga. Rabin kilo na nama in ya rage, tukunya za ta faɗa. Sau ɗaya, sau biyu za a yi shiru, na uku ba za a ce masa komai ba, waya ce kawai za ta daina ƙara. Kuma labarin ɗan aike a wurin adashi da wurin biki yake yawo, gida ɗaya in ya rufe masa ƙofa, huɗu sun rufe tare. Ta wannan hanya ɗaya ake samun kiliyan a sana'ar nan, ta ita kuma ake rasa su.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki, a Maraɗi. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa na garinsu, amma tsarin lissafin ɗaya ne. Ga matashi yana aiki da moton yayansa, yana kai masa jikka biyu kullum da dare. Yana da gidaje takwas da ya saba yi wa cefane, huɗu a Ali Ɗan Sofo, huɗu a wajen Zariya. Ya kafa musu ƙa'ida ɗaya: duk mai son cefanen gobe ta aiko da saƙon murya ta WhatsApp kafin ƙarfe tara na dare, ta faɗi kaya da kuɗin kowanne, tumatir na nawa, tattasai na nawa, nama kilo nawa. Shi kuma ya rubuta a kaye, gida-gida, kowa da shafinsa. Da safe ya bi ya karɓi kuɗin kaya, ko a turo masa ta waya tun daren. Ladan cefane sefa 500 ne kowane gida, dala ɗari a bakinmu, kuma kowa ya san da haka tun ranar farko.

Dalilin wannan ƙa'ida ta dare shi ne ribar aike tana cikin haɗa tafiya. In gida takwas suka aike shi lokaci takwas daban-daban, yini ya ƙare a hanya. In kuwa ya san komai tun daren, sau biyu kawai zai shiga Babbar Kasuwa. Zagayen farko ya sayi na gidaje huɗu, kowane gida da ledarsa ko jakarsa mai alama, ya kai Ali Ɗan Sofo. Ya dawo ya sayi na sauran huɗun ya kai Zariya. Moto ba ta ɗaukar cefanen gida takwas a tashi ɗaya ba tare da tumatir ya zama miya tun a hanya ba, shi ya sa muka ce biyu. Kafin ƙarfe sha ɗaya ya gama, an ɗora tukunya a kan lokaci, shi kuma yana da sefa 4,000 na lada a aljihun da ba na kuɗin kaya ba. Wannan maganar aljihu ba wasa ba ce. Kuɗin mutane a jaka ɗaya, nasa a wata, don duk wanda ya haɗa su da azahar ba zai san wanda ya ci abincin rana da kuɗinsa ba.

Bayan azahar sai ƙananan aike da ba a iya haɗa su. Wani ya aiko da hoton ordinansi a sayo magani a farmasi, 500. Wata gaz ɗinta ya ƙare, a ɗauki butel a canzo, 500. Wani a biya masa faktir, tunda kan hanya ne 300. Wani kuma saƙonsa ya iso daga Yamai a motar safe, a karɓo a tasha, 500. Wannan ya ba da 1,800. Abin da ya shigo a yini sefa 5,800 ke nan.

Sai mu cire abin da ya fita. Duka tafiyar ta kai kamar kilomita 55 zuwa 60. Ƙaramar moto mai lafiya a cikin gari tana yin wajen kilomita 40 da lita guda, sai mu ce lita ɗaya da rabi. Tun watan Yuli na 2024 da hukuma ta sauko da kuɗin litar esansi daga 540 zuwa 499, lissafin ya zo da sauƙi, mu ce 750. Kiredi da intanet 250. Mai moto 2,000. Leda, ɗan dako da mai gadin moto a bakin kasuwa 200. Abincin rana da ruwa 500. Sannan 400 da zai ajiye gefe don bidanj, faci, sarƙa da birki, wanda yawancin yara ba sa cirewa sai ranar da moto ta tsaya su tafi neman rance. Jimlar abin da ya fita 4,100. Ya rage 1,700.

Wani zai ce, haba, duk wannan wahala a kan 1,700? To a ninka da kwana 26, ya zama sefa 44,200 a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 sefa 42,000 ne. Wato yaron da ba shi da moto tasa, ba shi da shago, ba shi da jari sai waya da kaye, ya kai inda doka ta ce ƙaramin ma'aikaci ya kai, har ya ɗan wuce. In moton tasa ce, jikka biyun nan ma tana aljihunsa, ya doshi 96,000, ko da yake daga ciki zai tara na sabuwar moto don tsohuwar ba za ta dawwama ba. Ba arziki ba ne. Amma kuɗi ne da ake iya sanin zuwansa, a shiga adashi da shi, a biya haya da shi. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya shigo daga gidaje takwas ɗin nan ya fito, waɗanda suka san lada kuma suke biya ba gardama. Su ne ginshiƙin, aiken bayan azahar yau akwai gobe babu.

Wannan 1,700 ɗin kuma ita ce ma'aunin kowace asara. Ku lura da kyau a nan. Babban abin da ke karya ƴan aike bashi ne, kuma da murya mai daɗi yake zuwa: "Ƙanena, sayo min da kuɗinka, in ka zo na ba ka." Ya sayo kaya na 7,500, ya zo, mai gida ya fita, uwargida ba ta da labari, a dawo gobe. Gobe a ce sai an yi albashi. Wannan 7,500 ribar kwana huɗu ce da ɗoriya. Mafi muni, sau da yawa ba kuɗinsa ba ne ma, kuɗin cefanen wani gida ne ya taɓa, sai ya wayi gari yana toshe ramin wannan da ƙasar wancan. Alamar da ake gane ɗan aike ya faɗa wannan hali ita ce ya fara jinkirin kawo kaya ba dalili, ko ya ce canjin sai gobe. In kun ga haka, kuɗinku ya biya bashin wani. Shi ya sa muke ganin ƙa'idar ta zama ɗaya ga kowa, ba kuɗi ba sayayya. In har zai cika wa kiliyan da ya daɗe da shi, kada ya wuce ladan aike biyu, jikka guda, kuma a biya a bakin ƙofa kafin a sauke kaya. Yau da ake tura kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money cikin minti biyu, "ba ni kusa" ta daina zama hujja. Sai dai a yi magana tun farko a kan kuɗin cirewa. Mai kaya ne ya kamata ya ɗora shi a kan abin da ya turo, in ba haka ba daga ladan yaro zai fita, kuma in lada 500 ce, ko 100 aka gutsura an ci kashi ɗaya cikin biyar.

Sai batun da ya fi kawo saɓani, wanda mun ji an yi ta ja-in-ja a kansa har a tsakanin manya. Ɗan aike ya iya ciniki. An ba shi 2,000 na albasa, ya samo daidai wannan albasa a 1,700 saboda yana saye da yawa wajen mutum ɗaya kullum. Sefa 300 ɗin nan ta wa ce? Masu cewa tasa ce suna da hujja mai ƙarfi: bakinsa ne, sabonsa ne da mai albasa, da uwargida ta je da kanta 2,000 za ta biya. Mun fahimci wannan. Amma mu muna ganin ta mai kuɗi ce. Ɗan aike wakili ne, da kuɗin wani ya saya, da sunan wani ya saya, kuma an riga an biya shi ladan tafiyarsa da bakinsa. Malamai ma abin da suke bayani ke nan a kan wakilci, ragin da aka yi na wanda ya wakilta ne sai in shi ya yafe. Haka gyaran da mai tumatir ke ƙarawa a kan tuli, na mai tulin ne.

Ko an ajiye maganar halal da haram gefe, lissafi ma bai goyi bayan riƙewa ba. Ranar da yaro ya miƙa wa uwargida 300 ya ce "Hajiya, yau an rage mana albasa", ya sayi abin da talla ba ta sayo masa. Ita ce za ta faɗa wa ƙawayenta biyar. Sau da yawa ma za ta ce ya riƙe, kuma a lokacin kyauta ce a kan lada, halal ɗinsa. In kuma yana ganin iya cinikinsa ya fi ƙarfin 500, hanya a buɗe take: ya ce ladansa 600 ne ko 750 ga babban cefane, a yarda ko a ƙi. In mai nama ko mai shago yana ba shi la'ada don yana kawo masa ciniki, wannan ma ya faɗa. Matsalar la'adar ɓoye ita ce tana ɗaure shi ga mutum ɗaya, ranar da naman mutumin bai yi kyau ba ma can zai saya.

Ta yaya mai gida zai tabbatar, tunda mai kayan miya ba ta ba da resi? Kaye shi ne resi. Kowane abu da kuɗinsa a rubuce, a ƙasa jimla, a ƙasanta canji, a ɗauki hoton shafin a tura ko a nuna a bakin ƙofa. Inda ake ba da takarda, farmasi, butiki, wurin biyan faktir, takardar ta dawo tare da kaya. Sannan a yi yarjejeniya a kan tashin farashi, don kasuwarmu ba ta zama wuri ɗaya. Tumatir da ake zubarwa lokacin sanyi sa'ad da lambunan Jiratawa suka cika kasuwa, shi ne ake nema da fitila in zafi ya yi nisa zuwa farkon damina. Albasar Galmi tana da lokacin arha da lokacin tsada. Kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa kuwa suna bin naira, ta tashi su tashi. Ranar Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci farashi daban ne da ranar Laraba. To in abu ya wuce kuɗin da aka faɗa da fiye da 200, ya buga waya daga gaban mai kayan: a ƙara kuɗi, a rage yawa, ko a bari? Kiran minti ɗaya ne. Wanda ya yanke wa mutane shawara da kansa, ko da gaskiya yake, zai dawo ya tarar da fuska a ɗaure.

Ƙaramin abu amma mai tasiri: ƴan canji. Kowa ya san wahalar neman 50 da 100 a garin nan. Ɗan aike da ya fito da safe ba shi da tsabar jikka ɗaya ko biyu a ƙananan kuɗi, dole ya riƙa cewa "saura 150 ɗinki sai gobe", gida takwas, kullum. Shi zai manta, su ba za su manta ba.

Yanzu mu juyo kanmu, mu masu aike. Akwai wata kalma da ke cinye ribar yaran nan, ita ce "tunda". Tunda ka zo, ɗan biya ka kai wa ƙanwata wannan a Bagalam. Tunda za ka wuce, ka tsaya wajen tela. Kowane "tunda" kilomita ne da minti ashirin, kuma akwai gida uku da ke jiran kayan miyarsu a bayan moto. In aike ya ƙaru, lada ta ƙaru, ko da 200 ce. Haka tsayar da shi a ƙofa rabin awa ana neman kuɗi a ɗaki, ko aika shi faktir ranar da layi ya kai titi a ce 300 ɗin nan dai. Lokacinsa shi ne kayan shagonsa. Wanda ya je ya sayo, aka ce an fasa, a biya shi ladansa cikakke, kayan kuma na wanda ya yi oda ne.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce: aike a wurinmu tarbiyya ne da zumunci, yaro na kowa ne, in muka sa wa aike farashi gobe tsohuwar kartiye ba za ta samu mai sayo mata goro ba sai da dala. Muna tare da su a rabin maganar. Ɗan maƙwabta da aka aika shagon bakin layi da ƙafa, wannan tarbiyya ce, kuma kada Allah ya nuna mana ranar da za a yi ciniki a kanta. Ɗan aiken kirki ma yana da tsohuwa ɗaya ko biyu da yake sa wa cefane a cikin zagayensa ba ya karɓar komai, don kan hanya ne. Amma mai albashi da ya kira magidanci ko saurayi mai neman aure, ya ƙona esansi ya ratsa gari, ba zumunci yake nema ba, aiki yake so a yi masa. In kunya ta hana a faɗi lada, mai ƙaramin ƙarfi ne kullum ke biyan kuɗin kunyar. Kuma mu faɗi gaskiya, inda aka ƙi biyan babba 500, almajiri ake tura wa da tsabar 50 ko sauran tuwo, ko a tsayar da ɗiyar gida daga lakwal ta je kasuwa.

Ga wanda yake aike kullum, abonma ya fi sauƙi ga kowa. A ce fita 12 a wata, sau uku a mako, maimakon 6,000 a biya 5,000. Mai gida ya samu ragi, yaro ya san yana da jikka biyar tabbas. Amma a biya a farkon wata, ko rabi a farko rabi a tsakiya. Abonman da ake biya "in an yi albashi" ya mai da ɗan aike mai ba ma'aikaci rance, alhali shi kullum da tsabar kuɗi yake shan mai.

Akwai aike biyu da muke roƙon matasa su yi taka-tsantsan da su. Na farko ƙunshi a rufe daga wanda ba ka sani ba. A buɗe a gabanka ka gani, in an ƙi ka bar shi komai yawan ladan. Kowa ya san yadda ƙwayoyi irin su tiramadol ke yawo a garuruwanmu, kuma ranar da aka tsayar da kai, wanda abin ke hannunsa shi ake tambaya, lambar da ta kira ka kuwa a kashe za ka same ta. Lada mai yawa a kan ƙaramin ƙunshi ita kanta alama ce. Na biyu magani. A je da ordinansi ko hotonta, a saya a farmasi, da dare a nemi wadda ke gadi. In babu wanda aka rubuta aka ce ga makamancinsa, a kira mai shi kafin a biya, don magani in ya fita ba kasafai ake karɓarsa ba, kuma ba aikin ɗan aike ba ne ya zaɓa wa marar lafiya. Na masu talla a bakin hanya kuwa, ko mai gida ne ya ce a sayo don arha, gara a ce masa a'a.

Takardun moto ma suna cikin jari, permi, kart giriz, asiransi, da kaske a kai. Ɗan kabu-kabu in aka kama motonsa, yininsa ne ya tafi. Ɗan aike in aka kama tasa da ƙarfe tara na safe, naman gida huɗu ne ke kwance a rana, kuma shi zai biya.

Abu na ƙarshe da ya kamata a yi magana a kansa tun ana zaman lafiya shi ne ranar da lissafin nan ya rushe ba laifin kowa. Ba mu manta watan Maris na 2025 ba, lokacin da esansi ya yi wuya aka kwana a layin gidajen mai. A irin wannan lokaci lita ɗaya da rabin da muka sa 750 tana iya ninkawa a wajen ƴan bumburutu, ko ta ci rabin yini a layi. Haka ranar da aka yi ruwa mai yawa hanyoyin kartiye suka yanke, ko kwana uku kafin salla da kasuwa ba ta shiguwa. Ɗan aike ya faɗa wa gidajensa tun yanzu cewa a irin waɗannan ranaku ladan 500 zai koma 700, kuma zai sauko da zarar abu ya daidaita. In an ji wannan tun da wuri, ranar da ta zo ba wanda zai ce an yi masa wayo. Gidajen da ke kan abonma kuwa a bar su a kan kuɗinsu har wata ya ƙare, a sake magana a farkon na gaba.